Neman iso wurin Babban Sakatare: abin da ake rubuta wa mai riƙe da jadawalinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a ƙasar Argungu. Akwai wani sito na gwamnati a garinmu da ya daɗe a rufe, muna so a ba mu aronsa kafin girbin rani. Sau biyu na kai takarda Birnin Kebbi ina neman ganin Babban Sakatare na ma'aikatar da ke da siton, amma shiru. Yanzu wani ya ba ni lambar wayar mataimakinsa. Me zan rubuta masa, kuma ta yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru ina zaune a ɗan ofishin da ke gaban ofishin manya, inda ake ajiye littafin baƙi da jadawali, saboda haka zan faɗa maka yadda takarda irin taka take kasancewa idan ta iso teburin.

Ko da sunan Babban Sakatare ka rubuta a saman takarda, mutum na farko da zai karanta ta da natsuwa shi ne mataimakinsa, ko sakataren sirri, ko jami'in tsare-tsare, gwargwadon yadda ofishin ya raba aikinsa. Wannan mutum ba shi da ikon ba ku sito, amma shi ne zai shiga da tarin takardu da safe, ya tsaya a gefen tebur, ya faɗi abin da kowace ta ƙunsa a cikin jimla ɗaya ko biyu, maigidan yana sa hannu a wani fayil yana saurare da kunne ɗaya. Idan ya iya cewa, "Ranka ya daɗe, manoman shinkafa ne daga Argungu, suna neman aron siton da ke rufe na wata huɗu, minti goma sha biyar suke so kafin tsakiyar Maris," to an gama rabin aikin, domin magana ce da za a iya amsa ta nan take. Idan kuwa abin da zai iya cewa shi ne, "Wasu ne suke son ganinka kan wata muhimmiyar magana," amsar da zai samu ita ce, "Wace magana?" kuma ba ya son a yi masa tambayar da ba shi da amsarta. Mataimakin da ya shigar da mutum ba tare da sanin abin da ya kawo shi ba, baƙon ya zauna ya cinye minti arba'in yana zagaye-zagaye, daga ƙarshe ya nemi kwangila ko aiki ga ɗansa, shi ne zai sha faɗa bayan an rufe ƙofa. Duk wanda ya taɓa shan irin wannan faɗa sau ɗaya, takardar da ba ta fito fili ba yakan tura ta ƙasan tari. Aikinka shi ne ka rubuta masa jimlar da zai shiga da ita, har ya zama ba sai ya ƙirƙiro ta da kansa ba.

Ban ga takardunka biyu na baya ba, amma na ga irinsu da yawa daga ƙungiyoyi, kuma yawancinsu kan nemi abin da ake kira ziyarar ban girma. Wannan kalma tana da nauyi a ofis fiye da yadda masu rubuta ta suke zato. Ziyarar ban girma tana nufin tawaga, tana nufin a buɗe ɗakin taro, a kira daraktoci su zauna, a shirya jawabin maraba, wani lokaci a kira mai ɗaukar hoto, kuma ba ta ƙarewa a ƙasa da awa ɗaya. Awa ɗaya cur a jadawalin Babban Sakatare abu ne da ake nema da wahala, saboda ranarsa ba tasa ba ce shi kaɗai. Akwai zaman da aka riga aka kafa, kamar taron shugabannin sassa da zama da Shugaban Ma'aikata, akwai tafiye-tafiyen Abuja, akwai kiran Kwamishina, sannan akwai kira daga gidan gwamnati wanda idan ya zo yakan share duk abin da aka rubuta a ranar. Ka ƙara da jana'iza da ta'aziyya, waɗanda a ƙasarmu ba a sa musu rana kuma ba a ƙin zuwa. Abin da ya rage a hannun mataimaki shi ne 'yan gibi: minti goma sha biyar kafin a shiga taro, ko bayan an dawo daga sallar azahar, ko lokacin da wani baƙo ya makara. Buƙatar da ta shiga cikin irin wannan gibi takan sami wuri a mako ɗaya ko biyu, wadda ba ta shiga ba kuwa sai ta jira ranar da babu komai, kuma wannan ranar ba ta cika zuwa ba.

Saboda haka ka nemi minti goma ko goma sha biyar, ka rubuta adadin, kuma ka rage tawagar zuwa mutum uku: shugaban ƙungiya, kai, da mutum ɗaya da ya san siton da lissafin buhuna. Na san wannan yakan jawo ƙorafi a cikin ƙungiya, domin kowane dattijo yana ganin ya cancanci a tafi da shi, amma mutum uku suna zama a kujerun da ke gaban tebur, mutum goma sha biyu kuwa sai an nemi ɗaki. Ka rubuta sunayensu da muƙamansu a takardar, kuma ranar zuwa kada a ƙara ko mutum ɗaya, domin da sunayen nan ne aka yi muku iso.

Sai tambayar da mataimaki yake yi wa kansa a kan kowace takarda, ko da bai furta ba: me ya sa sai maigida? A ma'aikata, yawancin abin da mutane suke kawowa aikin wani darakta ne, kuma Babban Sakatare da kansa zai rubuta a gefen takardar cewa darakta ya duba ya ba da shawara. Idan ba ku taɓa zuwa wurin jami'in ma'aikatar na yankinku ba, ko daraktan da ke kula da kadarori da sito-sito, to ku fara da su kafin ka aika da komai, saboda ko kun sami shiga, can za a mayar da ku. Idan kuwa kun je, an ce muku ba da aron ginin gwamnati sai da amincewar Babban Sakatare, wannan ita ce jimla mafi ƙarfi a takardarka, sai ka rubuta ta tare da muƙamin wanda ya faɗa da watan da kuka gan shi. Da ita ne mataimaki zai kare kansa idan aka tambaye shi dalilin sa ku a jadawali. Amma ka tabbata gaskiya ce, domin kiran daraktan a tambaye shi ba ya ɗaukar minti biyu, kuma ana kira.

Ga yadda zan tsara takardar da a ce ni ne kai. Adadin da na sa misali ne, sai ka maye su da naku. A saman takarda mai tambarin ƙungiya, bayan kwanan wata da adireshin Babban Sakatare, kan magana zai kasance: Neman ganawa ta minti goma sha biyar kan aron siton ma'aikata na garinmu, Afrilu zuwa Yuli. Sai jikinta:

"Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu ƙungiya ce mai rajista ta manoman shinkafa 140 a ƙasar Argungu. Muna neman a ba mu aron siton ma'aikata da ke rufe a garinmu na tsawon wata huɗu, daga Afrilu zuwa Yuli, domin ajiye kimanin buhu 3,000 na shinkafar rani, kuma mun ɗauki nauyin gyaran ƙofa da rufi da biyan maigadi. Mun gana da jami'in ma'aikata na yankinmu a watan Janairu, ya duba siton, ya shaida mana cewa amincewar tana hannun Babban Sakatare. Muna roƙon minti goma sha biyar, mu uku, a kowace rana da kowane lokaci da ya dace da ofis cikin mako biyu na farkon Maris, domin gyaran yana buƙatar mako uku kafin a fara girbi. Idan Babban Sakatare ya ga ya fi dacewa mu gana da wani jami'i da zai wakilta, a shirye muke. Sanarwar kwana ɗaya ta ishe mu isowa."

Sai sa hannu, da cikakken suna, da lambar waya ɗaya wadda take a kunne kullum. A ofisoshin gwamnati takardar da za ta shiga fayil da Turanci ake rubuta ta, saboda haka ka sami wanda zai juya maka ita ba tare da ya yi mata ado ba. Masu buga takardu a bakin sakatariya suna da al'adar cika sakin layi na farko da kirari da yabon ayyukan alheri, kuma wannan yakan tura ainihin buƙatar zuwa shafi na biyu, inda ido ba ya kaiwa. Ladabi yana cikin rubuta muƙamin mutum daidai da gaisuwa ta jimla ɗaya. Shafi ɗaya ya isa, sai ka liƙa kwafin takardar rajistar ƙungiya, da hoton siton guda biyu, da wasiƙar goyon baya ta hakimi ko ta ƙaramar hukuma idan kuna da ita.

Bari in tsaya a kan jimlar lokaci, domin a nan ne mutane suka fi yin kuskure ta fuska biyu. Wasu sukan yanka rana da kansu, su ce za su zo Talata da ƙarfe goma, kamar su ne suke riƙe da littafin, kuma idan Talatar a cike take, amsar ta zama a'a ke nan ba tare da an yi niyya ba. Wasu kuma sukan ce "duk lokacin da ya samu dama," wanda a kunnen mataimaki yake nufin babu gaggawa, a bari sai an sarara. Abin da yake aiki shi ne tazara mai iyaka, kamar mako biyu, tare da dalilin iyakar. Dalilinku na gaske ne kuma kowa a Kebbi ya san shi: shinkafar rani ba ta jiran kowa, kuma idan ruwan farko ya sauka a kan buhunan da ke fili an yi asara. Kalmar "gaggawa" da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba ta motsa kowa, saboda rabin takardun da ke teburin suna ɗauke da ita, amma lissafin da ya nuna cewa gyara mako uku ne kuma girbi a Afrilu yake, yana sa mai karatu ya ƙirga da kansa ya ga inda wa'adin ya tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka takardar ta isa mako uku ko huɗu kafin ranar da kuke so. Ka kuma sa a ranka cewa Juma'a rabin rana ce a aikace, Litinin takan tafi a tarukan cikin gida, lokacin azumi ranar aiki takan gajarta, kuma ƙarshen shekara manyan ma'aikata suna fama da kare kasafin kuɗi.

Jimlar da ta ce kun yarda ku ga wakili, wasu suna ganin kamar rage wa kai daraja ce. A ganina ita ce take hana takarda mutuwa. Takardar neman ganawa hanya uku take bi: a sa ta a jadawali, a tura ta ga wani jami'i, ko a rubuta mata haruffan nan uku, K.I.V., wato a ajiye ta sai wani lokaci. Mai yiwuwa ta ukun ita ce shirun da ka ji sau biyu. Idan ka buɗe ƙofa ta biyu da kanka, ka sauƙaƙa wa maigidan ya rubuta wa darakta umarni, kuma darakta da ya karɓi takardarku da rubutun Babban Sakatare a gefenta ba zai karɓe ku kamar waɗanda suka shigo daga titi ba. Sito kuke nema, kuma sau da yawa ana samun irinsa ba tare da an taɓa zama da mai sa hannun ba.

Yanzu ga lambar wayar da aka ba ka. Kada saƙon waya ya zama shi ne takardar. Ka fara kai takardar ofis, kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa mai kwanan wata da sa hannu, ka kuma tambayi ko a rajista, wato ofishin karɓar takardu, za ta tsaya ko ofishin Babban Sakatare za a wuce da ita. Mai yiwuwa ne takardunka na baya ba su taɓa isa teburin mataimakin ba, kuma ba tare da kwafi mai hatimi ba babu wanda zai iya bin sawunsu. Bayan haka ne za ka aika masa da saƙo a rubuce, a lokacin aiki, ba da dare ba kuma ba kira ba, domin yawancin yini yana kusa da maigidansa inda ba zai iya ɗauka ba. Saƙon ya kasance guda ɗaya cikakke. Masu aika "Salam" su yi shiru suna jiran a amsa kafin su faɗi abin da ya kawo su, sukan daɗe suna jira, haka ma masu aika saƙon murya na minti biyar, wanda ba a iya saurare a cikin taro kuma ba a iya nuna wa maigida. Wani abu kamar haka ya isa:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Sunana wane, sakataren ƙungiyar manoman shinkafa daga ƙasar Argungu. Wane ne ya ba ni lambarka, ka gafarce ni da shigowa ba sanarwa. Jiya mun kawo takardar neman ganawa ta minti goma sha biyar da Babban Sakatare kan aron siton garinmu, an karɓa a rajista, ga hotonta da hatimi. Muna roƙon ka duba mana inda za ta iya shiga cikin mako biyu na farkon Maris, ko ka nuna mana wanda ya kamata mu gani. Allah ya saka da alheri."

Ka faɗi wanda ya ba ka lambar, bayan ka nemi izininsa, saboda tambayar farko da take zuwa zuciyar mutum idan baƙuwar lamba ta shigo ke nan. Ka kuma lura da cewa saƙon ya nemi shawararsa. Mutumin nan ya san abin da ba a rubuta a littafi ba, ya san ranar da maigida zai yi tafiya da ranar da ransa yake a ɓace, kuma wanda aka tambaya a matsayin masani yakan faɗi abin da ba zai faɗa wa wanda ya ɗauke shi masinja ba.

Idan kwana uku ko huɗu na aiki suka wuce ba amsa, ka tuna masa sau ɗaya, a gajarce, kana ambaton ranar da aka karɓi takardar. Daga nan sai ka saurari irin amsar, domin kowace tana da ma'anarta. Idan ya tambaye ka ku nawa ne, ko daga ina za ku taso, ko za ku iya zuwa da safe, to yana neman muku gibi ne, sai ka amsa nan take. Idan ya ce an tura wa darakta, ka tambayi wane darakta da ranar da aka tura, ka bi ta can, wannan ci gaba ne. Idan ya ce maigida ya gani, ka ɗan ƙara haƙuri, ba tare da rana ba, mai yiwuwa an ajiye ta ne, kuma abin da zai tayar da ita shi ne sabon abu, kamar rahoton jami'in yanki a rubuce ko wasiƙar hakimi, ba maimaita roƙo ba. Idan kuwa ya ce ka zo ka jira ko Allah zai sa a dace, gaskiya yake faɗa maka: babu wuri a littafi, amma zai gwada cusa ku. Daga Argungu tafiyar ba ta da nisa, don haka ya cancanci gwaji sau ɗaya, ku biyu, da shirin zama har la'asar.

Za a ba ka shawarar ka sa wani abu a ambulan. Ban goyi bayan haka ba, kuma ba don wa'azi kaɗai ba. Mataimaki mai mutunci zai ji ka raina shi, kuma daga ranar zai riƙa kallon takardarka da zargi, wanda ba shi da mutunci kuwa ya gano cewa jinkirinka yana kawo masa riba. Haka nan za a ce ka bi ta wurin wani babba, ɗan majalisa ko basarake, ya kira Babban Sakatare kai tsaye. Wannan hanya tana aiki, ba zan ɓoye maka ba, amma ko maigida ya ce "su zo," sai an dawo wurin mai littafi ya nemi ranar, kuma idan ya ji labarin daga sama bayan ya fara yi maka ƙoƙari, zai ga ka tsallake shi. Idan za ka bi ta nan, ka gaya masa da bakinka tun kafin kiran ya iso, ka ce wane ya yi alkawarin sa baki, kana so ya sani.

Ranar da aka ba ku lokaci, ka mayar da saƙo mai maimaita rana da sa'a da sunayen mutum ukun, domin kuskuren ji ya fito tun da wuri. Ana gobe da yamma ka sake tambaya ko lokacin yana nan, kafin ku sa mai a mota. Ku isa da rabin awa a hannu, da kwafi uku na takardar, kuma ku riga ku yanke wanda zai yi magana, saboda minti goma sha biyar ba ta ɗaukar jawabin mutum uku. Idan kuka iso aka ce an kira maigida gidan gwamnati, kada ɓacin ran ya sauka a kan mataimakin, domin shi ma da safen ya ji. Abin da za ka yi kafin ka bar ofishin shi ne ka roƙe shi ya buɗe littafin a gabanka ya ba ku wata rana, domin wanda aka ɗage wa ganawa yana da haƙƙin gibi na gaba, kuma wannan haƙƙin yakan yi sanyi idan aka koma gida aka bar shi sai an yi waya.

Idan an shiga, mataimakin ko wani jami'i yakan zauna yana rubuta abin da aka yanke. Kafin ku miƙe, ka tambaya cikin ladabi wane jami'i ne zai riƙe maganar daga nan, kuma yaushe za ku tuntuɓe shi. Washegari ka aika wa mataimakin godiya ta layi biyu, ka haɗa da abin da kuka fahimta an amince da shi, misali cewa darakta zai tura a duba siton cikin mako guda kuma ku za ku kawo takardar alkawarin gyara. Amincewar baki ba ta buɗe ƙofar sito, sai ta zama wasiƙa mai lamba da sa hannu, kuma daftarin wannan wasiƙar ta teburin mutumin nan zai bi kafin ya shiga a sa masa hannu.